Gajiyar Baba

A gidanmu na Jega ba a cewa Baba ya bugu, sai dai a ce ya gaji. Direba ne, yana ɗauko albasa daga Aliero, kuma kowace la'asar gajiyar nan na biyo shi gida da warinta. Ni ce babba, don haka ni ke karantar tafiyarsa tun daga zaure, in kwashe ƙannena zuwa bayan rumbu. Ƙanena ya kai shekara tara yana fitsarin kwance. Ni kuwa na ƙware a ƙarya, ban taɓa kawo ƙawa gida ba. Na tsani kalmar nan ta gajiya.

Inna ta gwada duk abin da ta sani. Ta zubar da kwalabe, ya sayo wasu. Ta yi yaji zuwa Maiyama, aka ba ta haƙuri aka maido ta. Ta kai kuka wurin yayansa da limamin unguwa, suka yi masa nasiha har ya rantse zai daina ranar da aka ga watan azumi. Ya kuwa daina a rana ɗaya, muka yi murna don ba mu san komai ba.

Washegari hannunsa ya kasa riƙe kofin kunu. Rana ta uku gumi ya jiƙe shi, yana kakkaɓe ƙwarin da shi kaɗai ke gani, daga nan ya faɗi yana jijjiga. Maƙwabta suka ce iska ce. Yayansa dai ya sa shi a mota sai asibiti.

Likita ya tambayi Inna, "Mi yaka sha?"

"Gajiya ta, likita," in ji ta, kanta a ƙasa.

"Giya ta," na ce. "Shekara da shekaru, kullum. Yau kwana ukku bai sha ba."

Inna ta kalle ni kamar na tuɓe mata zane a kasuwa. Likitan ya ce jikin da ya saba haka, yanke masa lokaci ɗaya na iya kisa. Aka yi masa allurar kwantar da jijjiga da ta bitamin, aka riƙa rage maganin kwana bayan kwana. Da aka sallame shi aka ba mu takarda zuwa sashen masu taɓin hankali, inda ake ganin mashaya. Wata ma'aikaciya a can ta zaunar da Inna, ta ce ta riƙa zuwa ko shi ya ƙi, ta daina rufa masa asiri, in ya ɗaga hannu ta fita da mu ta kai maganar ofishin jin daɗin jama'a na ƙaramar hukuma.

Baba ya rayu. Ya koma sha sau biyu, sau biyu Inna ta mayar da shi asibiti, tana faɗin sunan abin da bakinta.

Yanzu ina gidan kaina, mijina ko sigari ba ya sha. Amma duk ranar da ya shigo ya ce ya gaji, sai na matsa na shinshina shi kafin in kawo ruwa.