Hasken da Ban Ɗaure Ba

Shekarata ta biyu ke nan da buɗe shagon hoto a Gure, a bakin hanyar da ke shiga kasuwa, lokacin da wata mata maƙwabciyar innata ta zo da 'ya'yanta uku. Mijinta direba ne, ya rasu a hatsarin mota kan hanyar Damagaram, ita kuma ba ta fi wata biyu da fita takaba ba. Ta kwance bakin zanenta ta ciro tsohon katin dantite ɗinsa, wato katin shaida mai hoto.

"Ƙanena, wannan kaɗai ya rage mana," in ji ta. "Ba mu taɓa yin hoto tare ba. An ce kana iya haɗa mutane. Ina son in aika wa uwarsa a Bune, ta ga ɗanta cikin jikokinta."

Na zaunar da su gaban labule na ɗauke su. Na ce ta dawo bayan azahar.

A odinatar, wato kwamfuta, hoto hawa-hawa yake, kamar a jera takardun leda masu nuna abin da ke ƙarƙashinsu. Kowane hawa muna ce masa kalki. Na sa hoton matar da yaran a ƙasa. Na yanko marigayin daga katin, kai da kafaɗu, na ɗora shi a kalki na biyu, a bayan kafaɗarta. Hoton katin ya yi duhu sosai, da ƙyar ake ganin idanunsa. Sai na ƙara kalkin gyaran haske a sama, na ja har fuskarsa ta fito.

Shi kalkin gyara ba hoto ba ne. Ba ya ɗauke da komai sai umarni, kuma umarninsa yana sauka kan duk abin da ke ƙarƙashinsa. In kana son ya tsaya kan hawa ɗaya, sai ka ɗaure shi da wanda ke ƙasansa kai tsaye: ka danne maɓallin Alt, ka taɓa layin da ke tsakanin su biyu. Wata 'yar kibiya za ta fito tana nuna ƙasa, daga nan gyaran ba ya wuce iyakar abin da ke kan wannan hawan. Na san wannan tun ina koyo a Damagaram. Ran nan ban yi ba. Na kumbura hoton ne fuskar mamacin ta cika allon, ita kaɗai nake kallo. Ranar kasuwa ce, mutane na jira a ƙofa, kuma an ce za a ɗauke kuran, wato wutar lantarki. Na buga, na sa a gilashi. Na dube shi sau ɗaya na ga ya yi kyau, don idona kan mijin yake.

Ta zo ta karɓa. Ta daɗe tana kallo. Ta naɗe shi a ɗankwali ta kai wa masu motar Bune.

Bayan kwana goma sha wani abu innata ta tsare ni ina shan fura. Ta ce me na yi wa maƙwabciyarta? A Bune, wai, hoton ya zaga gidaje. Matar baƙa ce sosai, amma a hoton ta fito jajir. Mata suka ce man canza fata take shafawa, mijinta bai gama kwanciya a kabari ba ta fara neman wani. Yayan marigayin ya rantse zai zo ya kwashe yaran, ba zai bar su hannun irin wannan uwa ba.

Na ajiye ludayin na tafi shago. Da na buɗe aikin, ga kalkin gyaran a sama, ba kibiya. Na ɗaure shi. Nan take matar ta koma launinta, yaran ma, mamacin kaɗai ya zauna da haskensa. Taɓawa ɗaya ce. Na zauna ina kallon allon.

Na je gidanta da la'asar, na tsaya a zaure. Ta fito da lulluɓi. Na gaya mata laifina ne, na bayyana yadda aka yi iya yadda zan iya.

"Na ga na yi haske," in ji ta. "Na zaci haka injin yake yi wa kowa. Ni uban yaran nake kallo."

"Yaya, ki yafe mini. Zan buga wani."

"Ka buga. Amma ba ni za ka nuna wa ba."

Yayan mijin ya iso ranar kasuwa ta gaba. Dattijo ne mai kiwo, dogo, da rawani da sanda. Innata ce ta roƙe shi ya biyo ta shagona kafin ya shiga gidan. Ya ƙi zama. Na juya masa allon.

"Baba, ka duba nan. Wannan shi ne yadda na ɗauke ta." Na nuna masa hoton farko, wanda ba a taɓa ba. Sannan na buɗe aikin, na kwance ɗaurin, duk suka yi haske. Na ɗaure, suka koma. Na yi haka sau uku. "Ƙanenka na so in haskaka, sai hasken ya zubo kan kowa. Ka duba yaran a hoton da ke wurinku, su ma sun yi ja. Har labulen baya ya koɗe. Su ma mai suke shafawa?"

Ya sunkuyo ya ƙura ido. Ya ce in sake, na sake.

"Ba wanda ya duba yaran," ya ce a hankali. Can kuma ya miƙe. "To kai da kake mai da baƙi ja da yatsa ɗaya, ai kana iya mai da ja baƙi. Ta ina zan san wanne ne gaskiya?"

Na ce gidanta ba nisa, ya je ya gani da idonsa.

Ya je. Innata ta ce da matar ta durƙusa gaishe shi, ya dubi fuskarta da hannuwanta, ya kawar da kai, ya yi ta tambayar lafiyar yara. Bai ba ta haƙuri ba. Ƙananan biyu ya bar mata. Babbar, mai shekara tara, ya tafi da ita, ya ce tsohuwarsu na buƙatar mai ɗebo mata ruwa, kuma ya riga ya faɗa gaban mutane ba zai koma hannu biyu ba. An cire yarinyar daga lakkal, karatunta ya tsaya a tsakiyar shekara.

Na ba shi sabon hoton ya kai. Daga baya wani ɗan Bune da ya zo yin hoton kati ya ce mini ya ga duka biyun rataye a ɗakin tsohuwar. Ta ƙi a cire na farkon, ta ce a cikinsa ta fara ganin ɗanta.

Matar ba ta taɓa yi mini magana mai zafi ba. Muna gaisawa in mun haɗu a ƙofar innata. Da ƙaramar salla yarinyar ta zo ganin gida, na aika a ce su zo in ɗauke su kyauta, su huɗu. Ta aiko da godiya, ta ce sai wani lokaci.