Masassara da Zazzaɓi

Lokacin da na fara aiki a wani ƙaramin gidan rediyo a Kontagora, ni ke rubuta sanarwa, wani dattijo da kowa ke ce wa Baba shi ke karantawa. Na fito daga kwalejin horon malamai kaina cike da daidaitacciyar Hausa, ina ji da kaina. Shi kuwa iyayensa 'yan kasuwa ne da suka gangaro daga wajen Sakkwato suka zauna a garin, harshensa bai taɓa rabuwa da nasu ba. In na rubuta sauro ya karanta sabro, in na rubuta kyanwa ya ce mussa. Na yi fushi har na gaji. Manoman Auna da Nasko da Dukku dai muryarsa suke so, in ya yi fashin kwana biyu sai a aiko tambaya ko lafiya.

Iyakar inda ake kama mu ke nan, kuma abin yana cin Baba a rai. Yana da yaya mace da aka aurar Bauchi tun yana saurayi, ta tsufa can, ba ta taɓa jin muryarsa a rediyo ba. Yakan faɗa da dariya, amma duk wanda ya zauna da shi ya san ba wasa yake ba. Ga shi kuma ya kusa ajiye aiki.

Ana haka, gab da damina, wata ƙungiyar kiwon lafiya ta kawo mana aiki. Sanarwa ce ta minti ɗaya a kan cutar da sauro ke sa wa yara, da kwana cikin gidan sauro, da hanzarta kai yaro asibiti. Za a sa ta a gidajen rediyo daga Sakkwato har Kano da Bauchi. Sharaɗinsu shi ne murya ɗaya, Hausa ɗaya wadda kowa zai gane. Za mu aika musu gwaji, in bai yi musu ba su kai aikin Kaduna wani ya karanta.

Na zauna na rubuta, na miƙa masa. Ya sa tabarau ya bi layin farko da yatsa, sai ya tsaya a kan zazzaɓi.

"Ɗiyata, wagga ba maganarmu ba ta," in ji shi. "Masassara muka sani. Ita Inna ta yi muna magani, ita ni ka faɗi tun ba a haife ki ba."

"Baba, ba Kontagora kaɗai za a ji ba. Zazzaɓi ne a littafi, shi ne a asibiti."

"Littafi shi ka goyon yaro?"

Raina ya ɓaci. Na ce masa in ya ce masassara, aikin ya tafi Kaduna, kuma kada ya ce ban faɗa masa ba. Ya san gaskiya ce. Muka gwada haɗa su, "zazzaɓi, wato masassara", amma kalmar ta fito wurare da yawa, ga kiɗan buɗewa da na rufewa, minti ɗaya ya ƙi ɗauka. In kuma aka ce wannan a farko, waccan a ƙarshe, mai sauraro zai zaci cuta biyu ake magana. Dole a zaɓi ɗaya.

Baba ya ninke takardar ya ce, "Tashi mu tai tasha."

Wannan al'adarsa ce tun kafin in zo, ni dai ranar na fara gani. In kalma ta yi masa gardama, ba ya buɗe ƙamus. Tashar mota yake zuwa, inda motocin Yawuri da Zuru da Minna da Kano ke lodi, ya zauna a bencin mai shayi ya karanta wa matafiya. Yana da doka guda: ba ya tambayar mutum ko ya gane. Ya ce Bahaushe ba zai kalli furfurarka ya ce bai gane ba, zai gyaɗa kai ne kawai don kunya. Sai dai ya karanta, ya ce, "To, in ka koma gida, mi za ka ce ma maiɗakinka an ce?" Daga abin da mutum ya maido ake sanin abin da ya shiga kunnensa.

Har yau ina jin ƙanshin wurin, hayaƙin itace da soyayyen ƙwai da man fetur, 'yan kamasho suna ta ihun sunayen garuruwa. Ni kaɗai ce mace a bencin, na rungume jakata ina jin kunya, Baba kuwa kamar a zaurensa yake. Baba ya karanta wa wani da masassara, wani da zazzaɓi, ba ya bari mutum ɗaya ya ji duka biyun.

Da wata mata muka fara, daga Dukku take, ta zo sayar da wake, Hausarta irin ta waɗanda suka koya a kasuwa ce. Baba ya zaɓe ta da gangan, yana ganin tasa ce. Ya karanta mata da zazzaɓi yana satar kallona. Ta saurara, ta gyara goyonta, ta ce, "An ce in yaro ya yi masassara a kai shi asibiti, kar a tsaya." Ta ji zazzaɓi, ta mayar da shi masassara da kanta, ba ta ko yi tuntuɓe ba. Da ya tambaye ta inda ta san kalmar, ta ce ai ita malaman asibiti ke faɗa, ita ake ji a rediyo. Wani tsoho mai zuwa Yawuri ma haka ya yi.

Sai aka juya. Direban Kano ya ji masassara ya gane, amma ya ce su a wurinsu sai jiki na kaɗawa ake cewa haka, kuma rabon da ya ji ta tun a bakin kakarsa. Wannan ya dame ni, domin saƙon shi ne kada a jira har yaro ya fara rawar ɗari. Wani saurayi kuma da ke neman motar da za ta kai shi Bauchi ya sosa ƙeya ya ce, "Wata cuta ce dai ta yara, ko?" Muka yini a haka, kuma duk inda aka juya magana ɗaya ce. Masu cewa masassara a gida sun san zazzaɓi, masu cewa zazzaɓi ba duka suka san masassara ba.

Na yi nasara, amma ban ji daɗinta ba ko kaɗan. Muka dawo tare da Baba har ƙofar ofis. Ya karɓi birona, ya soke masassara da ya rubuta a gefe da hannunsa. Ya ce, "Tasha ba ta ƙarya. A bar taki."

Ɗaukar muryar ta ba mu wahala. Harshen da ya shekara da shekaru yana bin hanya ɗaya ba ya sauyawa a yini guda. Zai taho lafiya lau, sai sabro ta kuɓuce masa, mai na'ura ya ɗaga hannu a sake. Ya gyara wannan, sai "shi ka" ta faɗo a inda na rubuta "shi ke". Ina bayan gilashi ina nuna masa bakina kamar mai koya wa ɗan firamare, shi yana share gumi da hularsa yana cewa, "Yau ɗiya ta zama malamar ubanta." Muka yi dariya har mai na'ura ya kashe ya jira mu. Daga ƙarshe ya karanta ta tsaf, babu inda za ka ce ga mutumin yamma. Muka aika, bayan 'yan kwanaki aka ce an karɓa.

Murnar da ya yi ba ta faɗuwa. Ya sayo mana tsire da lemo, har mai gadi sai da ya samu. Amma ya ƙi gaya wa yayarsa. Ya ce so yake ta ji da kanta ta kira shi, don ya san rediyonta ba ya barin gefen tabarmarta.

Aka fara sa sanarwar. Mako ya wuce, wani ya bi, ba ta kira ba. Kullum wayarsa na kan tebur, yana aiki yana kallonta. Wata rana bayan azahar haƙurinsa ya ƙare, ya kira ta. Kunnensa ya fara nauyi, saboda haka a bayyane yake sa waya, duk muna ji. Suka gaisa, aka tambayi yara da jikoki da ruwan bana. Sannan ya ce, kamar abin bai dame shi ba, "Yaya, kina jin wata sanarwa ta gidan sabro kwanan ga?"

"Ina ji mana, safe da marece. Wani Bakane na, muryarshi da daɗi. Mi ya faru?"

Na sunkuyar da kai, don ni na san wanda ya mai da shi Bakano.

"Yaya, ni na," in ji Baba.

"Kai Auta, bar wasa. Kai ka cewa zazzaɓi? A gidan wa ka koyo?"

Ya yi dariya, irin wadda ake yi don kada a yi wani abu daban. Ya rantse mata, ya ce ga wadda ta rubuta nan zaune. Can ta ce, "To ni ban ji ka ba. Faɗa min yadda Inna ka faɗi, in ji."

Baba ya jawo takardar, ya gyara zama, ya yi gyaran murya kamar an kunna masa jar fitilar ɗaukar murya. Ya karanta mata sanarwar daga farko har ƙarshe, da masassara da sabro da duk abin da na yini ina kankare masa. Bai damu da minti ɗaya ba, babu kuma wanda ya ɗaga masa hannu. Da ya kai ƙarshe muka ji tana jan hanci a can Bauchi.

Ta ce, "Yanzu na ji ka, Auta."