Baƙin man motar Kawu

Aji uku na yi a kolej a Damagaram na ce ya isa. Tun daga nan ban taɓa zama wuri ɗaya na cika shekara ba. A Faransa na yi wankin kwanuka, na yi ɗaukar kaya a kasuwa, na yi rabon abinci da keke. Inda na fi daɗewa shi ne garajin wani ɗan Cadi a Sevran, kusa da Paris, wata takwas, kuma aikina ɗaya ne, vidanj: in kwance ƙasan mota, tsohon baƙin man moter, wato inji, ya zube, in canza filta, in zuba sabo. Patron, mai garajin, ba ya yawan magana, amma duk bidon, wato galan ɗin mai, da na ɗauko sai ya sa na karanta mishi lambar jikinsa kafin in buɗe. Haka na iya.

Kawu, ƙanen mahaifiyata, a gidansa nake kwana. Yana da wata tsohuwar mota doguwa mai shan esans, wato fetur, ta wuce kilomita dubu ɗari biyu da arba'in. Da ita yake kai kaya duk mako daga Château Rouge a Paris zuwa shagunan La Guillotière a Lyon: atamfa, busasshen kifi, yaji, zogale. Bayansa ya soma ciwo, tuƙin awa biyar ba ya yi mishi. Na fi sau goma ina cewa ya bar mini tuƙin, tunda ina da permi, lasisin tuƙi. Amsarsa kullum ɗaya ce: "Kai da ba ka iya zama a kujera, zan ba ka mota?"

A wata bazara aka yi zafi mai tsanani, irin wanda Faransawa ke ta magana a kai a rediyo. Kawu ya dawo daga Lyon fuskarsa a ɗaure. Ya ce jar fitilar mai ta riƙa ƙyaftawa duk sanda ya tsaya a cunkoso, in ya taka wuta sai ta ɓace. Ya ce in dai ta sake yi mishi haka, zai kai motar wurin masu fasa tsoffin motoci, ya bar sana'ar. Ni kuwa na san in motar ta tafi, tuƙin da nake nema ya tafi.

Na tambaye shi wa ya yi vidanj na ƙarshe. Ya ce ɗansa. Ɗan nan nasa taubashina ne, yana master a Lyon, ya fi ni karatu nesa ba kusa ba. Na kira shi.

"Malam dokta, me ka zuba wa motar tsohonka?"

"5W-30, sentetik, mafi kyau a kanti. Kai ka san sentetik ma, ɗan aji uku?"

"Na san wanda ya kusan kashe moter da digiri."

Ya yi dariya ya ce in je in wanke hannuna tukuna.

Washegari da safe na sauko na tarar da Kawu a parkin, ya buɗe gaban mota, ga wani bidon a ƙasa. Wani abokinsa ne ya ba shi. 20W-50. Ya tsoma yatsa a bakin bidon ɗin, ya murza man tsakanin babban yatsa da manuniya, ya raba su a hankali yana kallon yadda yake ja. Haka duk makanikan garinmu suke yi, haka na tashi ina gani a tasha.

"Ka gani? Wannan shi ne mai. Wancan na ɗan'uwanka ruwa ne. A gida in zafi ya zo, mai kauri muke zubawa, ko wace mota ce."

Na ce, "Kawu, yatsanka digiri nawa ne?"

Ya kalle ni ta saman tabarau.

"Ba raini ba ne, Kawu. Yatsa yana gaya maka kaurin mai a sanyi. Cikin moter kuwa man yana kai digiri ɗari, wani lokaci ya wuce. Abin da ka ji a yatsa ba shi ne abin da moter ke ji ba."

"To malamin mai, koya mini."

Na ce ya ba ni rabin yini. Ya rufe bidon ɗin, amma bai mayar da shi gida ba, ya sa shi a but.

Muka tafi garajin ɗan Cadi. Na bar wurin ba sallama mai kyau, don haka sai da na tsaya aka yi gaisuwa doguwa, ya tambayi gida, ya tambayi zafi, sannan ya ce, "Ɗan gudu ya dawo." Na ce aron ramin shiga ƙarƙashin mota nake so da abin auna ƙarfin mai. Ya nuna mini da haɓa, ya ci gaba da aikinsa.

Na ɗauko kofunan shayi biyu na gilas. Ɗaya na zuba 5W-40, ɗaya 15W-40, ragowar da ke kan kanta. Na ce Kawu ya taɓa. Ya murza na farko ya yamutsa fuska, ya murza na biyu ya gyaɗa kai. Ya ce na biyu ya fi jiki. Na tafasa ruwa a butar shayin patron, na juye a roba, na tsayar da kofunan a ciki. Muka jira. Da suka yi zafi na karkata su tare. Dukansu biyu suka gudu a jikin gilas kusan iri ɗaya, ba ka ce ga mai kauri ba.

Na ce, "Lambar farko, wadda ke gaban W, ta sanyi ce. W ɗin nan na hunturu ne. In lambar ƙarama ce, man yana saurin hawa cikin moter da safe. Lambar baya ita ce ta zafi, a digiri ɗari ake auna ta. Waɗannan biyun duka arba'in ne, shi ya sa suka zama ɗaya da suka yi zafi. Kai lambar farko kake ji a yatsa, alhali damuwarka tana ga ta biyu."

Kawu ya ce, "To ai nawa hamsin ne a baya. Ya fi arba'in."

Gaskiya ya kama ni da kyau, don tambayar daidai take. Na buɗe aljihun gaban mota na ciro karne, littafin bayanin motar, duk ya yi laushi, da tabon shayi a bangonsa. A shafin mai akwai zane, lambobi a jere da digirin zafin gari a ƙasansu. 10W-40 ya kama daga sanyi mai ƙarfi har zafin da ya fi na ranar nan. 20W-50 ba ya ma cikin jerin.

"Kawu, a Damagaram ba ka taɓa kankare ƙanƙara a gilashin mota ba. Nan a Janairu kana yi. Ashirin W a safiya irin wannan kamar zuma yake, sai moter ya yi ta juyi kafin mai ya kai sama, kuma lokacin ne ƙarfe ya fi cin ƙarfe. Hamsin ɗin ma ya yi wa hanyoyin man wannan moter kauri, sai ya ƙara shan esans. Shi kuma talatin na ɗanka, na sababbin motoci ne masu matsattsen ciki. Taka ta tsufa, tsakanin ƙarafunanta ya buɗe, in talatin ya yi zafi sai ya tsere ta wurin, ƙarfin mai ya faɗi, fitila ta kama. Matakin da take so yana tsakiya, kuma ga shi masu ƙera motar sun rubuta."

Patron daga ƙarƙashin wata mota ya ce, "Alhaji, yaron nan ba ya zama, amma wannan ya zauna a kansa."

Ban tsaya kan baki ba. Na duba sandar mai, a cike take, ba ƙarancin mai ba ne. Na ɗaura abin awo, muka bar moter ya yi zafi sosai har fanka ta tashi. A tsaye allurar ta sauka ƙasa ƙwarai, in an taka wuta ta hau. Na zubar da 5W-30, na canza filta, na zuba 10W-40 mai alamar da karne ya nema. Muka zagaya gari muka dawo, na sake aunawa. Allurar ta tsaya sama da inda take ɗazu. Ba ta yi kamar ta sabuwar mota ba, na kuma gaya wa Kawu haka. Mai ba ya mayar da ƙarfen da ya cinye.

Ya ce, "Jibi kai za ka tuƙa zuwa Lyon. In fitilar nan ta kama ko sau ɗaya, ka san inda motar za ta."

Na ce, "In ta kama zan tsaya in kashe moter nan take. Amma ba za ta kama ba."

Mun loda kaya a Château Rouge da hantsi, but ya cika har bayan motar ya sauka. Zafi ya buɗe tun kafin mu fita Paris. Kawu yana gefe da carbinsa, idonsa ba ya kan hanya, yana kan dashbod. Bidon ɗin 20W-50 yana tsakanin ƙafafunsa. Na ce me zai yi da shi. Ya ce, "Tuƙa kawai."

A babbar hanya ban damu ba, moter na juyi da sauri, famfon mai na turawa da ƙarfi. Inda nake jira shi ne ƙofar Lyon, wajen ramin Fourvière da hanya ke bi ta ƙarƙashin dutse, inda motoci ke taruwa. Muka iso da la'asar, muka shiga cunkoso. Moter ya sha awa biyar yana gudu da kaya, yanzu kuma ga shi a tsaye, daidai yanayin da fitilar ke so. Fanka ta tashi, ta kwanta, ta sake tashi. Ban taɓa totur ba, da gangan na bar shi a tsaye don Kawu ya gani da idonsa. Ya daina jan carbi. Muka yi ta matsawa kaɗan-kaɗan har muka fita daga ramin, muka haye kogi. Dashbod bai nuna ja ba.

A La Guillotière taubashina yana jiranmu bakin shago. Ya leƙo ta taga ya ce, "Har kun iso? Na ɗauka a bayan motar ja za ku zo."

Na ce, "Zo ka ɗauki kifi, dokta. Wannan ba ya buƙatar digiri."

Da muka gama saukewa na miƙa wa Kawu makulli. Ya ƙi karɓa. Ya ce, "Riƙe. Mako mai zuwa ni ba zan zo ba, bayana ya gaji." Ya ɗauki bidon ɗinsa ya ce zai aika da shi Damagaram, can akwai tsoffin motocin da ke son sa.

Yanzu shekarata biyu a kan hanyar nan, abin da ban taɓa yi a wani aiki ba. Motar tana shan mai kaɗan, duk safiyar tafiya sai na ja sanda na duba, akwai lita ɗaya ta 10W-40 a but kullum. Kawu har yau in ya ga na buɗe sabon bidon sai ya tsoma yatsa ya murza. Ba na hana shi.