Fuskar Mahaifin Alhaji a Mita Shida

A ƙarshen shekarun casa'in ina da ɗan shagon buga takardu a Gumel, kwamfuta ɗaya, janareta mai tari. Wani Alhaji, dillalin hatsi a Maigatari, ya zo yana son ƙyallen talla na bakin titi, mita shida a mita biyu, da fuskar marigayi mahaifinsa wanda ya kafa rumfar hatsinsu. Ya zaro hoton daga aljihu, ɗan ƙarami irin na fasfo. Shi kaɗai gare su. Ya ce in fuskar ba za ta fito ba, a bar aikin.

A Kano kawai ake buga irinsa, sai na tafi can. Mai injin ya ce shi ba ya karɓar aiki a cikakken girmansa, kwamfutarsa ba ta ɗauka. In mayar da komai kashi ɗaya cikin goma, santimita sittin a ashirin, shi zai ninka. Har gefen da za a naɗe a ɗinke, santimita biyar, ya koma milimita biyar.

Na rage, na kuma bar kwamfuta ta zubar da yawancin ƙananan ɗigon da suka haɗu suka yi hoton don ya shiga faifai. A gabana tsaf yake. Na sake hawa mota, aka buga ɗan yanki na gwaji. Rubutu ya fito ras, don shi zane ne, ko nawa aka ja shi ba ya lalacewa. Fuska kuwa ta zama kunu. Mai injin ya ce ai ɗigon da na bari su za a shimfiɗa a kan mita ɗaya da rabi, ina zai samo mini wasu?

Wallahi na gaji. Kwana biyu wuta tana wasa da ni kafin na sake ɗaukar hoton da iyakar ƙarfin na'urata mai shigar da hoto cikin kwamfuta, na rage faɗinsa ban taɓa ɗigo ko ɗaya ba. Na koma Kano karo na uku, bayana kamar an daka.

Ranar da aka ɗaura shi, Alhaji ya tsaya dab da ƙyallen yana shafa kumatun da suka zama dabbare-dabbare.

"Malam, wannan ba Baba ba ne."

"Ranka ya daɗe, ba don nan aka yi shi ba. Tsallaka titi."

Bai so ba, amma ya tsallaka, yana kauce wa amalanke. Daga can ya juyo. Ya daɗe a tsaye, sannan ya dawo ya ce shi ne, har karkacewar hularsa. Na ji sanyi a raina, sai ya ƙara da cewa:

"Amma ni a ƙarƙashinsa nake zama kullum."

Ya ja bencinsa ya zauna, ni kuma na nufi tasha.