Motar da Ba Ta da Shasi

Ni ba wanda ya koya mini mota. Kwanciya nake yi a ƙarƙashinta in ta kallo har in gane. A Jimeta idan na soma zancen ƙarfe, ɗaya bayan ɗaya mutane ke tuna suna da aike. Mutum ɗaya ke zama ya ji, ɗan Bappana, wanda nake kira Hamma. Shi ma ba ganewa yake ba, amma yana zama.

Bappa, ƙanin mahaifina, kafinta ne mai ƙera bodin katako na manyan motoci. Loli kan zo masa daga kudu tsirara: dogayen ƙarafa biyu da gajeru a gicciye kamar tsani, inji da tayoyi a ɗaure jikinsu, direba a kan akwati. Wannan tsanin shi ne shasi. Shi ke ɗaukar nauyi, bodi kuwa ɗorawa ake yi a ɗaure da noti. Haka loli take, haka jif ɗin ma'aikatan gona da ke shiga daji.

Shekarar da ake ta tafiya Maiduguri neman aiki, tun da a lokacin can ne hedkwatar jiharmu, Hamma ma ya ce zai tafi. Bappa ba ya so. Sai ya sayar da shanunsa ya sayi tsohuwar ƙaramar mota mai ƙofa huɗu. Nufinsa ya cire bodin, ya ɗora na katako, Hamma ya riƙa kwaso shinkafa da kayan lambu daga Njuwa zuwa kasuwa. In akwai mota, Hamma zai zauna. Na fi kowa murna.

Ranar da aka kawo ta, kafin a gama addu'a na shige ƙasanta. Na duba gaba, na duba baya. Babu tsani. Faranti ne na ƙarfe, an lanƙwasa shi an yi masa walda da gefuna, gefunan sun haɗe da ginshiƙan ƙofa, ginshiƙan sun haɗe da rufi. Jiki ɗaya ce gaba ɗayanta. Abin ya burge ni har na manta da kaina. Ashe shi ya sa ba ta da nauyi, ba ta shan mai, take kwance kusa da ƙasa. Kowane sashe na taya ɗan'uwansa ɗaukar kaya, har rufin.

Sannan na tuna abin da aka saye ta don shi. Na daɗe a kwance ina kallon ƙafafun Hamma.

“Ka yi barci ne a ciki?” in ji shi. “Ko ka samu mata a can?”

Na fito. Bappa na riƙe da sifana.

“Ina notin bodin, yarona?”

“Babu, Bappa. Ba ta da shasi.”

Ya yi dariya. “Mota ba shasi. To a kan me take tsaye, a kan albarka?”

“Bodin ne shasin. In an cire shi, inji da tayoyi za su rage a ƙasa, ba abin da ya haɗa su.”

“Sai mu yanke rufin baya kawai,” in ji Hamma, yana hararata.

Na so in ce to. Bakina ne ya ƙi. Na ɗauko kwalin sukari, na murɗa shi a rufe, ya ƙi. Na yage murfin na sake murɗawa, ya bi hannuna. Na ce haka za ta yi: tsakiya ya lotsa, ƙofofi su ƙi rufuwa, ga buhuna a kai, ga hanyar Njuwa da damina. Ina ta bayani, har na ji daɗin bayanin, sai da na lura ba mai kallon kwalin.

Bappa ya tuɓe riga ya shimfiɗa buhu ya shiga da kansa. Ina ganin hannunsa yana lalube daga gaba zuwa baya, yana neman abin da ya saba samu tun yana saurayi. Da ya fito bai kalle ni ba.

“Gaskiyarsa ne,” ya ce wa Hamma. “Kar a taɓa ta. Lafiyayyen abu ba a yanka shi a banza.”

Wani malamin asibiti ya saye ta yadda take, kuɗin bai kai ko kusa da na akori-kurar da za ta yi aikin ba. Bayan sallah na raka Hamma bakin Binuwai, zai tafi Maiduguri. A cikin jirgin fito akwai wata loli mai bodin Bappa, ita zai hau daga Vinikilang, a tsallaken kogin.

“Wannan dai tana da shasi ko?” ya ce.

“Tana da shi.”

“To na gode Allah. Ka riƙa barin mutane su sha iska da surutunka.”

Ƙaramar motar na nan, nakan gan ta da yamma a hanyar Yola, ƙofofinta na rufuwa lafiya. Kwanan nan na gano a irinta tsatsar gefen ƙasan ƙofa ba ƙaramin abu ba ce, don wurin na cikin masu ɗaukar nauyi. Na gaya wa Bappa. Ya ce madalla, ya ci gaba da goge katakonsa.