Ɗaurin Inna Jumma

A ƙauyenmu da ke gabas da Makoda, tun daga nesa ake kallon kan Inna Jumma, kafin ma a ji sallamarta. Ni Maimunat, darni ɗaya ya raba gidanmu da nata shekara goma sha tara, saboda haka abin da zan faɗa ba a bakin rijiya na tsince shi ba.

Jumma mai ƙuli-ƙuli ce, kuma ita ake aika wa mata da labari, mai daɗi ko mara daɗi. Kayan fitarta ɗaya ne tal, wata atamfa shuɗiya mai ganye-ganye, riga da zane da ɗankwali, sai farin mayafi. Yara mata duk sun koma hijabi, ita ko ta ce ba za a zura ta a buhu ba. Amma wallahi da atamfar nan ɗaya sai ka rantse mata biyu ne. In haihuwa aka yi ko an sa rana, sai ta ɗauko ɗankwalin da ya sha sitaci, ta ninka shi a tsaye, ta kafa tsakiyarsa a ƙeya, ta kawo bakin biyu gaba ta gitta su a saman goshi, ta murɗa, ta mayar baya ta ƙulle. Jelar da ta rage ta baza ta sama, ta turo ɗaurin kan gira ɗaya, 'yan kunne a waje. Mayafin kuwa a ninke yake, a saɓe a kafaɗa. In rasuwa ce, sai ta yayyafa wa ɗankwalin ruwa ya yi laushi, ta ninka shi kusurwa uku, ta shimfiɗa shi tun daga goshi ya rufe kunne, ƙulli ɗaya a ƙeya, ta cusa jelar ciki. Ta ware mayafin gaba ɗaya ta lulluɓa daga ka, ta jefa gefe ɗaya ta ƙarƙashin haɓa zuwa kafaɗar hagu. Ranar da ka ga ganyen atamfar ya ɓace a ƙarƙashin farin nan, sai ka fara lissafin wa kake da shi a waje.

Wata Laraba da hantsi, bayan an cire amfanin gona, aka bugo wa wani maƙwabcinmu Sama'ilu waya. Ƙanensa Uzairu ya ɗauko albasa daga Watari a babur, mota ta haɗa da shi, ko shurawa bai yi ba. Matar Uzairu, Ramlat, tana da ciki wata tara, ƙafa a kumbure, malamar asibiti ta riga ta ja kunne cewa jininta ya hau sosai, tashin hankali kaɗan zai iya jefa ta cikin jijjiga. Sama'ilu ya zo ƙofar Jumma idonsa jajir, ina jin su ta darni.

"Inna, ki fitar min da ita zuwa asibitin Makoda kafin a kawo gawa. Kada ta sani sai tana hannun malamai."

"Da wane kai zan shiga gidan?" in ji Jumma.

Bai gane ba, namiji ne. Ni na gane. Na zagaya na same ta ta riga ta tsoma hannu a ruwa za ta yayyafa wa ɗankwalin. Ta tsaya, ta goge hannun a zane. Sau uku tana gitta bakin a goshi yana zamewa, matar da ke ɗauri ba madubi. A na huɗu ya zauna, ta baza jelar, ta saɓa mayafi. Ban taɓa ganin ɗauri mai kyau da ya ba ni tsoro irin wannan ba.

Na bi ta, don ƙafafuna sun ƙi zama. Ramlat na zaune a tabarma tana tsince wake. Idonta ya tafi kan Jumma kai tsaye, sai ta washe baki.

"Inna, wa ya haihu?"

"'Yar ƙanwata, a asibiti. Tashi ki raka ni barka, a auna jininki tunda an je."

"Uzairu bai sani ba fa."

"Yayansa ya yarda. Shi ma ba zai hana ki ba."

Nan aka yi abin da ba mu shirya masa ba. Ramlat ta fito da atamfarta ja, ta sa kwalli, ta miƙa wa Jumma ɗankwali.

"Ba za ki fi ni kyau ba yau. Ɗaura min irin naki."

Kai, jama'a! Mace mijinta na kwance ba rai, a ɗora mata ɗaurin biki? Na kalli Jumma. In ta ƙi, Ramlat za ta tambayi dalili. Ta karɓa, ta kafa a ƙeya, ta gitta, ta murɗa. Ramlat na dariya tana cewa a ƙara turo shi gaba.

Daga gidan zuwa bakin titi sai an ratsa ta tsakanin gidaje da gonaki, kuma labari ya riga mu fita. Can gaba na hango mata sun fi goma sun doso gidan su Uzairu, kowacce a lulluɓe har gira, ba mai magana. Ramlat ta rage tafiya.

"Inna, waɗancan fa? Kamar masu zuwa gaisuwa."

"Rana suke gudu, raggaye," in ji Jumma da ƙarfi, ta gyara jelar ɗaurinta yadda kowa zai gani.

Matar mahauci ce a gaba, wadda ake kira Amsa. Ta dubi kan Jumma, ta dubi cikin Ramlat. A hankali ta sa hannu ta zame mayafinta daga ka zuwa kafaɗa. Ta bayanta ma ta zame, haka ɗaya bayan ɗaya, har masu hijabi suka juya suka shiga wata gona kamar masu neman kara. Amsa ta ce, "Amarya, wannan ado haka!" Ramlat ta daɗe tana kallonsu, sannan ta sake duba kan Jumma, ta ci gaba da tafiya. Tun tana yarinya kan nan bai taɓa yi mata ƙarya ba.

Muna shiga bas na ga wata mota ta sauka daga titi ta nufi ƙauye a hankali, maza a tsaye a bayanta, na san gawar Uzairu ce aka kawo. Jumma ta baza mayafinta a jikin taga wai rana na dukan mai ciki.

Malamai na auna ta suka ba ta gado. Naƙuda ta taso bayan azahar, lokacin da ake sallar Uzairu. Kafin la'asar ta haifi mace, lafiya lau, jan ɗankwalin na rataye a ƙarfen gado bai ko warware ba. Sai bayan kwana biyu, da jinin ya sauka, aka faɗa mata.

Ta yi kuka, mu ma muka yi. Da aka dawo da ita gida ta aika a tambayi liman yadda za ta fara takaba. Aka dawo da amsa cewa mai ciki takabarta na ƙarewa ne da haihuwa, tata ta riga ta cika tun ranar Laraba.

Jumma ta shigo da yamma a lulluɓe, ta zauna a bakin ƙofa. Ramlat na shayar da jaririya, ba ta ɗago ba.

"Inna, na san raina kika ceta, Allah Ya saka miki," ta ce. "Amma takabar mijina wuni ɗaya ce, kuma da kwalli da jan ɗauri na yi ta, ina dariya a gaban mutane."

Jumma ta ƙara jawo mayafinta har gira. Ni dai na tashi na fita, don ban iya zama ba.