Giram Ɗari na Ƙirjin Kaza

Ma'aikatan masaƙa ne suka sa mata suna Cika-Ludayi, don ita ba ta iya zuba abinci kaɗan ba. Ƙuruciyarta duk a kicin ɗin kantin abincin masaƙar ta ƙare, tana tsaye cikin tururi har ƙafafu suka fara kumbura. Ta ajiye aiki tana cewa yanzu za ta huta. Ina hutu! Ba a daɗe ba ƙodar maigidanta, tsohon direba, ta fara gazawa.

Jami'ar abinci ta asibiti ta ce a rage masa furotin, ko ƙodar ta ƙara jan lokaci kafin a kai ga injin wankin jini. Nama a rana, ƙirjin kaza giram ɗari. Aka sayo ɗan sikeli. Matar da ta ciyar da ɗaruruwa da awon ido ta koma leƙen lamba da tabarau.

Abin da ya ci mata rai shi ne, ta aza ɗari a sikeli, ta sauke daga wuta, ya dawo saba'in da biyar. A ganinta wuta ce ke cin rabon mara lafiya. Sai ta koma dafawa da yawa, ta auna ɗari cif bayan ya dahu. Watanni tana haka, hankalinta kwance.

Ranar awo a asibiti sakamako bai yi daɗi ba. Jami'ar ta bi abincinsa ɗaya bayan ɗaya, har ta zo kan nama.

"Mama, ɗanye kike aunawa ko dafaffe?"

"Dafaffe mana, 'yata. Ɗanyen ai raguwa yake yi."

"Laifina ne da ban fayyace ba, ɗanye nake nufi. Ruwa ne ke fita, Mama, furotin yana nan. Ɗanye giram ɗari yana da kamar ashirin da uku. In ya dahu ya tsuke, ashirin da ukun nan suna cikin saba'in da biyar ɗin. Ke kuma da kike cikawa zuwa ɗari, kusan talatin da ɗaya kike ba Baba."

Ta ƙara da cewa ba wannan kaɗai ya jawo ba, ciwon ma yana tafiyarsa. Cika-Ludayi ta ji, amma bai shige ta ba. Gajiya ce ta sauko mata tun daga wuya, ga haushin hannunta.

Da rana ta auna ɗanye, ta dafa, ta kawo. Maigidan ya daɗe yana kallon farantin.

"Maman yara, na yi miki laifi ne?"

"Ruwa ne kawai ya fita," ta ce.

Ya sa hannu ya yayyaga tsokar siri-siri, ya baza ta ko'ina a farantin don ta yi yawa a ido. Sannan ya ware sili biyu gefe, ya tura mata.